Yadda za ku rubuta wa shugabanni takardar neman kuɗin haɗa bayanan rassa, a daina tura Excel da hannu

Takardar farko da muka rubuta a kan wannan batu shafi goma sha ɗaya ce, cike da zanen kwamfutoci da kibiyoyi. Sati biyu ta yi a teburin Alhaji mai kamfanin, ta dawo mana da shatin kofin shayi a bangonta, an rubuta a sama: "Sai gaba." Ta biyu shafi biyu ce kacal, da rataye guda, kuma ita aka sa wa hannu. Matsalar da muke son magancewa a duka biyun ɗaya ce. Abin da muka canza tsakaninsu shi zan bi da ku daki-daki.

Ga yadda wurin yake. Kamfani ne na sayar da taki, maganin feshi da iri. Babban ofis yana Kakuri a Kaduna, rassa uku kuma suna Zariya, Saminaka da Kafancan. Kowane reshe yana da manhajar sayarwa a kwamfutarsa, amma ba ta magana da ta Kaduna. Saboda haka kullum da yamma magatakardan reshe zai fitar da cinikin ranar, ya kwafe cikin Excel, ya gyaggyara, ya turo ta WhatsApp ko imel. Ranar da sabis ya ƙi, a zuba a filash a ba direban da zai taho. A Kaduna wata ma'aikaciya ta buɗe fayil uku ta haɗe su wuri ɗaya. Abin da muke so a maye gurbin wannan da shi ɗan ƙaramin aiki ne da kwamfuta ke yi da kanta a lokacin da aka yanka mata: ta kwashi sabbin bayanan reshe ta aika Kaduna, ta karɓo sabon farashi ta sauke a reshe. Kuɗaɗen da zan ambata duk na misali ne, na daddatse su don lissafi ya fito fili. Ku nemo naku a kasuwa a satin da za ku rubuta, don farashin batir ba ya jiran kowa.

Mataki na farko: kada ku rubuta komai tukuna, ku yi wata guda kuna ƙirga

Duk wanda ke ofis ya san ana wahala da fayilolin nan. Alhaji ma ya sani. Amma "ana wahala" ba ta fitar da kuɗi daga asusu, domin an shekara ana wahalar kuma kamfani bai rufe ba. Sai kun zo da abin da za a iya ɗorawa a sikeli.

Ku sayi littafi na naira ɗari biyar ku ajiye a teburin mai haɗa fayilolin. Kowace rana ta rubuta abu huɗu ga kowane reshe: ƙarfe nawa fayil ya iso, ta wace hanya, minti nawa ta ɗauka tana gyara shi, kuma me ta samu a karkace. Ku kira magatakardan rassa su ma su riƙa rubuta mintin da suke ɓatarwa wajen shirya fayil. Sati huɗu ya isa, in dai ƙarshen wata ya faɗo a ciki.

A misalinmu, kwana 24 na aiki sau rassa uku, fayil 72 ake jira. Guda 46 sun zo a kan kari. Guda 19 sun zo bayan ƙarfe goma na safiyar washegari, lokacin da an riga an yanke shawarar lodin ranar. Guda 7 ba su zo ba sam sai da aka bi su da waya. Sau biyar kuma fayil ya zo sau biyu, ɗaya sunansa `stock final.xlsx` ɗayan `stock final 2.xlsx`, ba wanda ya san wanne ne na gaskiya sai an tambayi wanda ya turo, shi ma sai ya yi tunani.

Daga nan sai lokaci. Magatakarda uku, kowanne minti 45 a rana, da awa biyu na mai haɗawa a Kaduna, ya kama awa huɗu da kwata kullum. A kwana 26 na wata, awa 110 ke nan da 'yan kai. Ƙara kwana uku da akantoci biyu ke yi a ƙarshen wata suna neman inda lissafi ya saɓa, awa 48. Jimilla kusan awa 158. Idan albashin ma'aikaci naira 120,000 ne a wata na awa 208, awa ɗaya ta tashi kimanin naira 577, wato kusan naira 91,000 ke tafiya duk wata a kwafe-kwafe.

A nan mutanen kwamfuta da yawa suke tsayawa suna murna, kuma a nan babban akanta yake kayar da su. Zai ce, "To, in mun sayi kayan nan, wa za mu sallama?" Amsar ita ce babu kowa. Albashin yana nan ana biya. Don haka ku rubuta wannan adadi, amma ku faɗa da bakinku cewa lokaci ne za a mayar ga wani aiki, kamar bin bashi da ƙirgar sito, kuɗi ne da ba zai dawo aljihu kai tsaye ba. In kun riga shi faɗa, kun ƙwace masa sandar.

Kuɗin da ke motsa mai kamfani shi ne wanda ya fita a zahiri saboda bayani ya makara. Ku koma baya wata shida ku tono irin waɗannan, kowanne da ranarsa da takardar shaidarsa. Mu biyu muka samu masu ƙarfi. Na farko, an ƙara naira 1,500 a kan buhun taki ran Litinin a Kaduna, aka tura sabon jadawalin farashi a zauren WhatsApp na ma'aikata, ya nutse ƙarƙashin gaisuwa da sanarwar ɗaurin aure. Wani reshe ya ci gaba da sayarwa a tsohon farashi har Laraba, buhu 320, asarar naira 480,000. Na biyu, an yi wa wani dila alkawarin buhu 200 bisa fayil ɗin Zariya mai kwana uku, aka ɗauki hayar mota ta je, ta tarar da buhu 60. Kuɗin mota da na 'yan dako da na sake lodi daga Kakuri ya kai naira 150,000, ban da jin kunya. Kada ku sa sunan ma'aikacin da abin ya faru a hannunsa. Kuna neman kuɗin aiki ne, in takardarku ta zama ƙarar wani, rassa za su haɗe muku kai tun kafin a fara.

Mataki na biyu: ku yanke abin da za ku nema, ku rage shi

Kuskurenmu na farko shi ne mun nemi komai: ciniki, sito, bashi, albashi, halartar ma'aikata. A karo na biyu abu uku muka tsaya a kai. Rasit ɗin ciniki da motsin kayan sito suna tasowa daga reshe zuwa Kaduna. Jadawalin kaya da farashi yana sauka daga Kaduna zuwa reshe. Shi ke nan.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce kowane bayani yana da ubangida ɗaya. Reshe ne kaɗai ke rubuta rasit ɗinsa, Kaduna karantawa kawai take yi. Kaduna ce kaɗai ke canza farashi, reshe karɓa kawai yake yi. Muddin aka bar wuri biyu suna iya gyara abu ɗaya, wata rana manajan Kafancan zai canza farashi da safe, akanta ya canza shi da rana a Kaduna, da yamma kwamfuta ta rasa na wa za ta ɗauka. Warware irin wannan rikici shi ne ɓangaren da ya fi tsada a duk aikin haɗa bayanai, kuma da wannan ƙa'ida guda kun kauce masa gaba ɗaya. Ku rubuta ta a takardar da harshe mai sauƙi, domin shawara ce ta shugabanci. Alhaji ne zai ce manajan reshe ba shi da ikon taɓa farashi, ku ba za ku iya faɗa masa haka ba.

Sai batun lokaci. Littattafan kwamfuta za su ce a yi aikin da tsakar dare. A Saminaka da tsakar dare an kashe janareta, an kulle shago, kwamfutar tana barci. Lokacin da ya dace shi ne bayan an rufe ciniki, kafin mutane su watse zuwa magariba. Mu ƙarfe shida da kwata muka zaɓa. A kwamfutar reshe mai Windows, ga yadda ake yanka mata lokacin:

```
schtasks /create /tn "TuraBayanai" /tr "C:\sync\tura.bat" /sc daily /st 18:15
```

Bayan haka a buɗe Task Scheduler, a shiga Settings na wannan aiki, a kunna "Run task as soon as possible after a scheduled start is missed". Wannan ɗan akwatin shi ke sa idan wuta ta ɗauke ƙarfe shida, aikin ya tashi da kansa da safe in an kunna kwamfuta. Ba a sa waɗannan a jikin takardar shugabanni, wurinsu rataye ne. Amma dole ku riga ku san amsarsu, don su ne ke ba ku bakin cewa "bayanin jiya zai kasance a Kaduna kafin ƙarfe tara na safe" ba tare da kun yi alkawarin da ba za ku cika ba.

Mataki na uku: ku lissafa abin da zai iya lalacewa, kafin a tambaye ku

Wannan sashe shi ne ya fi cin lokacinmu, kuma shi ya fi amfani.

Abu na farko, sabis zai yanke a tsakiyar aikawa. Ba wataƙila ba ne, tabbas ne. In aikin ya sake turawa, rasit ɗin da suka riga suka shiga za su shiga karo na biyu, cinikin Zariya ya ninka a takarda. Maganinsa kowane rasit ya zama yana da lamba da babu irinta a duk kamfanin, wato harafin reshe a haɗe da lambar rasit, kamar `ZAR-004512`. Rumbun bayanai na Kaduna kuma ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. A PostgreSQL, bayan an sa wa `lambar_rasit` sharaɗin `UNIQUE`, haka ake rubuta shi:

```
INSERT INTO ciniki (lambar_rasit, rana, jimla)
VALUES ('ZAR-004512', '2025-04-03', 185000)
ON CONFLICT (lambar_rasit) DO NOTHING;
```

Sai dai wannan yana jawo wata doka da dole a gaya wa rassa tun wuri. Rasit ɗin da aka riga aka aika ba a komawa a gyara shi, domin Kaduna za ta ga lambar ta ce ai tana da ita, ta watsar da gyaran. In an yi kuskure, sabon rasit ake yankawa na soke wancan. Oditoci suna son wannan tsari ƙwarai. Magatakardan da ya saba share layi ya sake rubutawa zai yi ƙorafi na sati biyu.

Abu na biyu, kada aikin ya riƙa tura "cinikin yau". Ya tura duk abin da Kaduna ba ta tabbatar ta karɓa ba, ko na kwana nawa ne. Mu a jihar nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. A ƙarshen Satumbar 2021 an katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, ba a maido ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. A Oktobar 2024 kuma yawancin Arewa ta yi kwanaki babu wutar lantarki. Tsarin da ya dogara da cewa kowace yamma akwai wuta da sabis zai bar ramuka a lissafi. Wanda ke tara abin da bai tafi ba yana jira, ranar da hanya ta buɗe zai kwashe duka. Ku kuma bar ƙofar filash a buɗe: aikin ya iya fitar da fayil ɗin da direba zai kawo, a loda shi ta hanyar da ke tace lambobin da suka riga suka shiga.

Abu na uku shi ne wanda na fi tsoro, wato aikin ya mutu shiru. A tsohon tsari in fayil bai zo ba, mai haɗawa za ta sani, ta ɗaga waya. A sabon tsari allo zai nuna lambobi tsaf-tsaf, alhali na Kafancan na ranar Alhamis ɗin da ta wuce ne. Shi ya sa kowane rahoto dole ya nuna a samansa ranar da sa'ar da kowane reshe ya yi aikawa ta ƙarshe. Sabar Kaduna kuma, wato kwamfutar da ke tara bayanan rassa, ta duba kowace safiya, ta aika saƙo ga mutum biyu in akwai reshen da bai turo ba:

```
30 8 * * 1-6 /opt/sync/duba.sh
```

Wannan layi na `cron`, mai yanka wa sabar lokacin aiki, yana nufin ƙarfe takwas da rabi na safe, Litinin zuwa Asabar. Ban da haka, kowace aikawa ta zo da adadin rasit da jimillar kuɗinsu. In reshe ya ce rasit 84 na naira miliyan uku da dubu ɗari biyu, Kaduna ta ƙirga ta ga 81, a aika gargaɗi nan take.

Na huɗu ba laifin sabon tsari ba ne, amma shi za a ɗora wa. Tsofaffin bayanan a hargitse suke. Taki ɗaya ne, Zariya ta rubuta `UREA 50KG`, Saminaka ta rubuta `Urea`, Kafancan ta ba shi wata lamba dabam. Mai haɗawa ta haddace duk wannan a kanta, kwamfuta kuwa za ta ɗauka kaya uku ne. Excel ma da nasa halin. In ka buɗe fayil ɗin `.csv` a cikinsa yakan cinye sifilin farkon lamba, `00451` ta koma `451`, lambar waya ta rasa sifilinta. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 yakan mayar da na ƙarshenta sifili. Rana kuma, `03/04/2025` a kwamfutar da aka saita ta tsarin Amurka 4 ga Maris ce, a wadda aka saita ta tsarin Birtaniya 3 ga Afrilu. Ku ware sati biyu cur a jadawalin aiki don a fitar da jerin kaya guda ɗaya mai lamba guda ga kowane kaya, ku kuma nemi a ba ku shugaban sito da sunan muƙaminsa a takardar. Ku ba ku san ko maganin feshi mai lita ɗaya da mai kwali goma sha biyu abu ɗaya ake lissafa su ba, shi ya sani.

Mataki na huɗu: kuɗin

Ku raba shi biyu, na sau ɗaya da na kowane wata. A misalinmu na sau ɗaya ya ƙunshi kwamfutar da za ta zama saba a Kaduna, naira 600,000; ƙaramin inbata da batir a rassa uku, 750,000; rauta mai cin layi biyu na kamfanonin waya dabam-dabam a kowane reshe, 180,000; faifan ajiyar kwafi, 100,000; tafiye-tafiye da koyar da ma'aikata, 220,000. Jimilla 1,850,000. Da kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana ya zama 2,035,000. Na wata-wata kuwa data ce ta rassa da kuɗin ajiye kwafi a wajen ofis, naira 45,000. Wannan na biyun kada ku ɓoye shi don adadi ya yi kyau. Ranar da data ta ƙare a Saminaka babu kasafinta, aikin ya tsaya ke nan, kuma ku za a kira.

Yaushe kuɗin zai dawo? Asarar da muka tabbatar a wata shida naira 630,000 ce, wato 105,000 a wata. In an cire 45,000 na gudanarwa saura 60,000, kuɗin zai dawo cikin wata 34. In an haɗa da kashi biyu cikin uku na lokacin ma'aikata, kimanin 60,000, ragowar ta zama 120,000 a wata, ya dawo cikin wata 17. Duka biyun muka rubuta. Abokin aikina ya so mu sa na 17 kaɗai, na ƙi, domin akanta zai yi lissafin ɗayan da kansa a gaban kowa.

Ku kuma kawo zaɓi, a gajarce. A ci gaba yadda ake, da kuɗinsa da kuka ƙirga. Ko a sa fayil ɗaya a intanet kowa ya riƙa shiga yana cikawa: ya fi arha, amma har yanzu hannu ke kwafewa, kuma in babu sabis babu aiki. Ko a sayi babbar manhaja guda ta dukkan kamfani, wadda ita ce makoma in rassa suka yi yawa, amma kuɗinta da canjin da take bukata sun ninka wannan. Ko kuma wanda kuke ba da shawara. Layi biyu-biyu ya ishe su.

Mataki na biyar: ku nemi rabi

Maimakon miliyan biyu a dunƙule, mun nemi naira 1,080,000 don gwaji a reshe ɗaya na sati shida: saba, faifai, inbata ɗaya, rauta ɗaya da kuɗin zirga-zirga. Ragowar 955,000 sai gwaji ya ci. Zariya muka zaɓa don kusa take, tafiyar kilomita tamanin ko makamancin haka, in abu ya lalace da safe za ka je ka dawo kafin la'asar. Kada ku fara da reshen da ya fi matsala don ku nuna bajinta.

A sati shidan nan tsohon tsari bai tsaya ba. Magatakarda yana turo Excel ɗinsa, kwamfuta tana turo nata, kowace safiya a gwada su. Ma'aunin nasara kuma a rubuce yake tun farko, wanda ba ya bukatar masanin kwamfuta ya fassara shi: a cikin kwana 24 na ƙarshe, aƙalla kwana 22 bayanin jiya ya iso kafin ƙarfe tara, duk ranar da bai iso ba an samu saƙon gargaɗi, duk bambancin da aka gani tsakanin lissafin biyu an gano dalilinsa. Za ku yi mamakin sau nawa kuskuren yake fitowa daga fayil ɗin hannu.

Mataki na shida: rubutun kansa

Yawancin ofisoshin Kaduna da Turanci ake shigar da irin wannan takarda, amma da Hausa ake kare ta a ofishin mai gida. Ku shirya duka biyun. Sakin layi na farko shi ne takardar, sauran duk hujja ce. Namu ga ma'anarsa:

"Muna neman amincewa da kashe naira 1,080,000 don gwajin sati shida a reshen Zariya, inda kwamfuta za ta riƙa aiko da ciniki da lissafin sito da kanta kowace yamma, ta kuma karɓi sabon farashi daga Kaduna. A watan da muka ƙirga, fayil 26 cikin 72 ba su iso a kan lokaci ba, kuma a wata shida makarar bayani ta jawo asarar naira 630,000 da muke da shaidarta. Idan gwajin ya cika sharuɗɗan da ke shafi na biyu, za mu nemi 955,000 don sauran rassa biyu, da 45,000 duk wata. Idan bai cika ba, kayan da aka saya suna nan a hannun kamfani."

Bayan wannan sai abin da aka ƙirga, abin da za a yi, kuɗi, haɗura da maganinsu, jadawali, da wurin sa hannu. Ku ƙara ɗan sashe mai suna "abin da wannan aiki ba zai yi ba". Ba zai hana a shigar da adadi ba daidai ba tun daga kantar reshe. Ba zai maye gurbin ƙirgar buhu da ido ba. Ba zai nuna ciniki minti bayan minti ba, hoton jiya ne yake bayarwa. In ba ku rubuta wannan ba, wata uku nan gaba wani darakta zai kira ku da azahar yana tambayar me ya sa bai ga cinikin safe ba.

Akwai layi ɗaya da ya dace ya shiga ƙarƙashin haɗuran tsohon tsari. Fayilolin nan suna ɗauke da sunayen kwastomomi, lambobin wayarsu da bashin da ake bin su, kuma suna zaune a wayoyin ma'aikata na kashin kansu, har da waɗanda suka bar aiki. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ɗora wa kamfani alhakin tsare irin waɗannan bayanai. Ku faɗi haka sau ɗaya ba tare da tsoratarwa ba, ku nuna sabon tsari zai bi ta hanya mai kulle kuma an san wanda ke da izinin gani.

Mataki na bakwai: kafin ranar zama

Kada babban akanta ya fara ganin takardar a ɗakin taro. Ku kai masa kwana uku kafin nan, ku ce, "Yallaɓai, a duba mana lissafin nan ko mun yi kuskure." In ya gyara ko da adadi ɗaya ne, takardar ta zama tasa. Haka mai haɗa fayiloli da magatakardan rassa, su ne suka fi fargaba, don suna ganin aikinsu ake shirin ba na'ura. Ku zauna da su, ku sa a rubuce wane aiki za su koma, ku sa mai haɗawar ta zama ita ce mai duba rahoton safe, tunda babu wanda ya kai ta saurin gane adadin da bai yi kama da gaskiya ba. Wani manajan kuma ba zai so Kaduna ta riƙa ganin sitonsa kullum ba, ko da ba ya ɓoye komai. Wannan ba ku za ku yi gardamarsa ba, sa hannun Alhaji ne zai yi.

A ranar zaman, tambaya uku Alhaji ya yi. Ta farko, "In babu wuta fa?" Muka nuna masa inbata da batun tara abin da bai tafi ba. Ta biyu ya dube ni ya ce, "To kai in ka samu wani aikin ka tafi Abuja, wa zai riƙe?" Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma mun yi sa'a mun tanade ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum biyu ne za su san aikin, bayaninsa a rubuce yake shafi huɗu, kalmomin sirri kuma suna cikin ambulan a hatimce a sef ɗin akanta." Ta uku ita ce yaushe za a fara. Mu da mun so farawa nan take, a watan Yuni. Shugaban sito ya girgiza kai ya ce wanda ya taɓa masa lambobin kaya ana tsakiyar sayar da takin damina, shi da shi ne. Gaskiyarsa ce. Aka sa hannu a ranar, aka sayi kayan kafin su ƙara tsada, aka ɗage gyaran jerin kaya da gwajin Zariya zuwa bayan kaka, lokacin da layin motoci ya ragu a bakin sito.